Kaciya ranar suna, ga kuma tarihin zubar jini a dangin uwa

Assalamu alaikum Hajiya. Ina zaune a Aboabo, nan Kumasi, da cikin fari wata takwas, kuma hoton ciki ya nuna namiji ne. Uwar mijina ta riga ta yi wa wanzamin gidansu magana cewa ranar suna za a haɗa aski da kaciya, kamar yadda aka yi wa duk 'ya'yanta. Baffan mijina da ya yi karatu a Kano ya ce a bari sai yaro ya shekara bakwai. Ni kuwa abin da ke hana ni barci daban ne. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, da aka yi masa kaciya jini ya ƙi tsayawa sai da aka ƙara masa jini a asibiti. Har yau gwiwoyinsa na kumbura, kuma in ya cire haƙori sai ya kwana biyu jini na zuba. Ban faɗa wa kowa a gidan miji ba, kada a ce na kawo musu ciwo. Don Allah me zan yi?

'Yarki daga Aboabo

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya raba lafiya.

Kada aska ta taɓa yaron nan, ko ta wanzami ko ta likita, sai an gwada jininsa an ga yana daskarewa yadda ya kamata. A yi suna ranar bakwai, a yanka rago, a ci a sha. Kaciya kuwa ta jira takardar gwaji. Wannan ita ce maganata, sauran duk bayanin dalili ne da yadda za ki bi da mutanen gida.

Alamomin da ke jikin ƙanenki sun yi kama ƙwarai da ciwon da likitoci ke kira himofiliya. Ba zan yanke masa hukunci daga wasiƙa ba, gwaji ne zai faɗa, amma duk ma'aikaciyar jinyar da ta ji waɗannan abubuwa uku a jikin namiji guda, nan hankalinta zai fara zuwa. A cikin jini akwai wasu sinadarai da aikinsu shi ne su ɗaure bakin rauni. Mai wannan ciwo ɗaya daga cikinsu ne ya yi masa ƙaranci, galibi wanda ake kira fakta ta 8, wani lokaci fakta ta 9. Jininsa ba ya fin na kowa gudu. Tsayawar ce ba ya yi: ya lafa, a ɗauka ya wuce, can da dare ya dawo yana tsattsafowa.

Yadda ake gadonsa shi ne abin da ya shafe ki. Ciwon ta wajen uwa yake bi ya sauka kan ɗa namiji. Mace tana iya ɗauke da shi tana lafiya garau, ko kuma abin da za ta gani bai wuce yawan jinin al'ada ba. Uba ba ya ba ɗansa namiji, shi ya sa ko da yake duk 'ya'yan surukarki an yi musu ranar suna an tashi lafiya, wannan bai ce komai ba game da naki ɗan. Idan mahaifiyarku na ɗauke da shi, kowace 'yarta tana tsakanin biyu ne, ko ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba, rabi da rabi. Idan kin ɗauka, kowane ɗa namiji da za ki haifa shi ma rabi da rabi ne. In aka haɗa lissafin, ɗaya cikin huɗu ke nan. Ma'ana, ya fi yiwuwa ɗanki ya fito ba shi da komai. Amma a sauran jama'a ciwon yana samun kamar namiji ɗaya ne cikin 5,000, don haka ɗaya cikin huɗu ba abin da za a rufe ido a ce Allah ya kiyaye kawai ba ne.

Mutane suna raina kaciyar jariri saboda yankan ƙarami ne. Abin da ba a lissafawa shi ne jinin da ke jikinsa ma kaɗan ne. Jariri mai kilo 3 jininsa gaba ɗaya bai wuce mililita 250 ba, wato rabin ledar fiya wata. Cokali biyu ko uku in suka fita, an taɓa shi sosai. Lokacin da nake aikin dare a ɗakin jarirai an taɓa kawo mana wani wajen ƙarfe biyu, an yi masa kaciya da hantsi. Uwar ta ce ba ta ga jini ba, barci kawai yake ta yi, ya ƙi kama nono. Da muka buɗe famfas ɗin sai muka ji shi da nauyi, audugar ciki ta shanye jinin tas, waje kuwa fari fat. Tafin ƙafarsa da leɓɓansa sun yi fari, jikinsa ya yi sanyi. Allah ya yi da sauran kwanansa, aka samu jini aka ƙara masa. Sai da gari ya waye kakarsa ta wajen uwa ta tuna cewa ta taɓa rasa ɗa namiji ta wannan hanya. Ba wanda ya tambaye ta tun farko, ita ma ba ta ga alaƙar ba. Ke kin ga alaƙar tun yaro na ciki, kuma wannan babbar dama ce.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka aikin na wannan makon ne. Ki je wurin awo ki gaya wa ungozoma ko likita labarin ƙanenki dalla-dalla, ki roƙa a rubuta a littafin awonki, a kuma tura ki asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda muke kira Ji, inda ake da likitocin jini. Idan ƙanenki yana kusa, ki tafi da shi. Jininsa shi zai fi saurin ba da amsa, domin a jikinsa ne za a ga ko ciwon ne, kuma wace fakta ce ta yi ƙaranci, sai a san abin da za a nema a jikin jariri. In an taɓa ba shi wata takarda a asibiti, ku ɗauko ta. Ke ma za a iya gwada ki, amma ki riƙe wannan: fakta ta 8 tana hauhawa a jikin mai ciki, saboda haka in aka ce naki ya yi daidai, bai wanke yaron ba. Shi ma sai an gwada nasa.

A can ya kamata ki haihu, ba a gida ba, ba kuma a ƙaramin asibitin unguwa ba. Dalili biyu ne. Mace mai ɗauke da ciwon tana iya zubar da jini fiye da kima bayan haihuwa, har kwanaki bayan an sallame ta. Sannan in masu karɓar haihuwa sun san da maganar, za su guji jawo kan yaro da na'ura, kuma za su ɗebi jini daga igiyar cibiya nan take a kai gwaji, ba sai an soki jariri ba. A takardar za ki ga an rubuta aPTT, wato gwajin tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare, da kuma awon ita faktar kanta. Na fakta ta 8 yana ba da amsa tun ranar haihuwa. Na fakta ta 9 yana da ɗan rikici, domin kowane jariri da ita kaɗan yake zuwa, shi ya sa wani lokaci likita zai ce a maimaita in ya kai wata shida. In aka ce haka, to kaciya ma sai wata shida, ba gardama. Wata za ta ce miki ai an yi masa allurar bitamin K da aka haife shi, jini ba zai zuba ba. Allurar tana da amfani kuma ana yi wa kowane jariri, amma wata matsalar daban take karewa, ba ta maganin himofiliya. Duk wanda zai yi masa allura, har ta rigakafi, a gaya masa tukuna, don ya san irin wadda zai yi da yadda zai danne wurin.

Yanzu maganar addini, tunda da ita za a fi kama ki. Kaciya tana cikin abubuwa biyar na fiɗira da suka zo a hadisin Bukhari da Muslim, ba mai jayayya a kan wannan. Amma babu nassin da ya ce in rana ta bakwai ta wuce an yi zunubi. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu a zango muke bi, kaciyar namiji sunna ce mai ƙarfi, kuma Muhtasar na Halil ya lissafa yin ta a ranar yankan suna cikin abubuwan da aka karhanta. Lokacin da malaman Malikiyya suka fi so shi ne daga shekara bakwai zuwa goma, sa'ar da ake fara umartar yaro da salla. Kin ga baffan mijinki ba da ka ya yi magana ba, kuma haka aka saba a ƙasar Hausa: a tara yara sa'o'in juna da hunturu, a yi musu tare, a yi ta yanka musu kaji har su warke. Shafi'awa su ne suka ce wajibi ce kuma an so a yi ta ranar bakwai, amma su ma sun ce in jariri ba shi da ƙarfin ɗauka a jinkirta. Mu nan Kumasi mun tashi mun tarar ana yi wa jarirai tun suna cikin zanen goyo, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, har ta zama kamar ita ce kaɗai hanya. Al'ada ce mai kyau ga yaro mai lafiya. Ga wanda ake tsoron jininsa, babu malamin da zai ce a sa ransa a haɗari saboda rana.

Sai gidan miji. Na fahimci tsoronki, na san yadda kalma ɗaya ke bin mace a gidan aure shekara da shekaru. Amma wannan sirri ba naki ke kaɗai ba ne, na uban yaron ne shi ma, kuma ɓoye shi ya fi faɗinsa haɗari nesa ba kusa ba. Ki fara da mijinki, ku biyu, a lokacin da hankalinsa ke kwance. Ki gaya masa abin da ya sami ƙanenki, ki roƙe shi ya raka ki asibiti ya ji daga bakin likita. Namiji in ya ji da kunnensa, shi zai tsaya a gaban mahaifiyarsa, kuma daga bakinsa ya kamata maganar ta isa gare ta, ba daga naki ba. Ba sai an zauna ana tona asalin kowa ba. Ya isa ya ce: “Hajiya, likita ya ce kada a yi wa yaron nan kowane irin yanka sai sakamakon gwajin jininsa ya fito.” Gaskiya ce tsantsa. In ta nemi ƙarin bayani a ba ta, domin matar da ta haifa ta raina ta san abin da ake nufi da jini ya ƙi tsayawa, kuma jikan nata ne. Baffa kuma ku jawo shi jiki. Shi ne zai faɗa mata da harshen malamai cewa jinkirin bai taɓa addini ba. Ki kuma cire wa ranki cewa kin kawo ciwo. Ba ke kika zaɓa ba, ba mahaifiyarki ta zaɓa ba, ba maita ba ce, ba baki ba ne.

Wanzamin gida kada a wulaƙanta shi. Mutum ne da ya yi wa gidan hidima tun kafin a auro ki, kuma in aka sallame shi hannu rabbana, surukarki ce za ta ji kunya. A kira shi ranar suna, a ba shi goronsa da kuɗinsa da rabonsa na nama kamar yadda aka saba. Amma mijinki ya gaya masa tun kafin ranar, a gaban surukarki, cewa babu kaciya, babu cire beli, babu tsaga ko ɗaya. Cire belin nan ya fi ba ni tsoro, domin jinin maƙogwaro jariri haɗiye shi yake yi, ba a gani, kuma ko ga yaro mai lafiya ba shi da wani amfani. Askin ma, in sakamako bai fito ba, a rage gashin da almakashi a yi sadakarsa, a bar aska. Kuma ranar, yaro kada ya bar hannunki ko hannun wadda kika amince da ita. Gidan suna cike yake da mutane, kina ɗaki ana gaisawa, sai wata gwaggo mai kyakkyawar niyya ta ɗauke shi ta kai bayan gida ta ce ai yanzu za a gama. An sha yin haka.

Shi kuwa taron, babu abin da zai ragu. Da safe malamai su yi addu'a a raɗa suna, a raba goro da koko da ƙosai, a yanka rago, da rana mata su yi nasu. Ni ko ba maganar jini, ban cika son a haɗa kaciya da taron suna ba. Jaririn da aka yi wa yanka da safe yana bukatar uwa ta zauna tana buɗe shi tana dubawa, ba a yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu cikin hayaniya har magariba ba. Kuɗin da kuka tanada kuma ku ware na gwaji da na asibiti tukuna, kafin na atamfa da na kanofi. Ku tambaya tun yanzu abin da katin inshorar lafiya zai ɗauka da abin da za ku biya da aljihunku.

Idan gwaji ya nuna yaro ba shi da komai, alhamdu lillahi, ba sai an kai shekara bakwai ba. Ni na fi son makonnin farko: aikin gajere ne, allurar kashe zafi a wurin ta wadatar, galibi ba ɗinki, kuma cikin kwana bakwai zuwa goma ya warke. Yaro in ya girma sai an yi ɗinki, wani lokaci sai an sa shi barci, ga tsoro, ga jinya mai tsawo. Sharaɗi dai a duba shi kafin a yi. Ba a yi wa jaririn da idonsa ya yi rawaya, ko mai zazzaɓi, ko bakwainin da bai yi ƙwari ba. A kuma duba inda fitsari ke fita. In ƙofar tana ƙasa maimakon a kan tsini, ko gaban ya lanƙwashe, ba a yanke fatar, domin da ita likita zai yi gyara nan gaba. Ki tambayi mai yin aikin ko zai yi allurar kashe zafi, domin jariri yana jin zafi sarai, kuma kayan aikin su zama waɗanda aka buɗe a gabanku ko aka dafa a na'ura.

A asibitoci da yawa zoben roba ake sawa, a ɗaure fatar a kansa da zare. Zoben da kansa yake faɗuwa, galibi tsakanin kwana biyar zuwa takwas. Kada a ja shi ko da ya rage a rataye. In ya wuce kwana goma bai faɗi ba, ko ya zame ya koma tsakiyar gaban yana matse shi, a koma asibiti ranar. Ki sa a yi aikin da safe, a farkon mako, don in wani abu ya taso ma'aikata na nan. Daren farko ki buɗe famfas duk bayan awa biyu ko uku, ki duba cikinsa da fitila, kada ki tsaya ga kallon waje. Ɗigo kaɗan ba komai. Tabon da ya fi kwabon sidi ɗaya faɗi, ko jinin da ke ɗiga, sai ki danne wurin da tsabtataccen ƙyalle minti goma ba ɗagawa, kuna kan hanyar asibiti kina danne da shi. In dare ne ba mota, a kira 112. Haka nan a tafi asibiti in ya yi awa goma sha biyu bai yi fitsari ba, ko zafin jikinsa ya kai 38, ko ya ƙi nono, ko kan gaban ya yi baƙi, ko kumburi da ja suna hawa sama, ko ana jin wari. Wani abu mai rawaya-rawaya da ke lulluɓe kan gaban bayan kwana biyu, shi ba mugunya ba ne, warkewa ce, kada a kankare. Ruwan ɗumi mai tsabta da baselin sun isa, sai dai in mai aikin ya ce kada a shafa komai saboda zoben. Ban da toka, ban da hoda, ban da garin magani, ban da gashi da ruwa mai zafi. Maganin zafi kuma sai wanda aka auna da nauyinsa aka rubuta.

Idan kuma gwaji ya nuna yana da ciwon, ba a rufe ƙofar kaciya ba, an dai mayar da ita hannun likitocin jini. Su za su zaɓi lokaci, a kwantar da shi, a yi masa allurar faktar da ta yi ƙaranci kafin aiki da kwanaki bayansa, har wurin ya kame. Ba a farawa sai an tabbatar maganin yana hannu wanda zai isa har ƙarshe, kuma wannan na iya sa a jira watanni ko shekaru. A jira. In ma likitoci suka ce haɗarin ya yi yawa, malamai sun yi bayani cewa wanda ake tsoron halakarsa an ɗauke masa, sallarsa da musuluncinsa ba abin da ya taɓa su. Irin wannan yaro ba a ba shi asfirin, kuma za a koya miki gane kumburin gaɓa tun yana rarrafe, don kada gwiwoyinsa su sha wahalar da na kawunsa suka sha.

Duk ranar da aka yi kuma ya warke, a dafa abinci a kira dangi da maƙwabta, malam ya yi addu'a. Walimar kaciya abu ce sananniya a littattafan fiƙihu, kuma za ta ba surukarki ranar da za ta yi hidimar jikanta yadda take so. In kina da 'yan'uwa mata, ko 'ya'yan ƙannen mahaifiyarki da yayyenta mata, ki sanar da su abin da gwajin ƙanenki ya nuna, domin lissafin da ya hau kanki yana iya hawa kansu. Allah ya sauke ki lafiya, ya raya mana.